Wata takwas ina ɗora darasin ɗinki amma ba a gane me tashata take yi, me zan rubuta a bayani da bana?

Maman Sultana: Salamu alaikum 'yan uwa, dan Allah ina neman shawara. Ina da tasha a YouTube ina koyar da ɗinkin mata da Hausa, awo da yanka da haɗawa, bidiyona sun haura arba'in, toh jiya wata ƙawata da na tura wa linki ta ce min da ta shiga ta ɗauka kaya nake sayarwa ko kwalliya nake yi, sai da ta buɗe bidiyo biyu kafin ta gane darasi ne. Kuma ni kaina in na rubuta koyon ɗinki a wajen nema ba na ganin tashata ko a ƙasa. Sunan tashar Maman Sultana Empire, a wajen bayani yarona ne ya rubuta min `Welcome to my channel, please like, share and subscribe` sai lambar waya. Hoton sama kuma hotona ne da furanni da sunan tashar. Me ya kamata in gyara?

Malam Isuhu: Wa alaikumus salam Hajiya. In bana ce ki zo da hoton a filashi, ƙafa uku da ƙafa biyar ta isa ƙofar shago, amma ki sa a buga miki mai kauri saboda rana tana cinye kala

Abba Gyaran Waya: Malam Isuhu ba ta bugawa ake magana ba 😂 hoton nan ne mai faɗi da yake saman tashar YouTube

Malam Isuhu: Au to, Allah ya ba da haƙuri, na ga an ce bana ne na ɗauka harkarmu ce. Bari in zauna in saurara

Baffa Kaduna: Anti matsalarki kiwod ce kawai, wato kalmomin da mutane suke rubutawa a wajen nema. Ki shiga Settings ki cika wajen Keywords tam, ki sa duk abin da mutane suke nema, labarai, waƙa, ƙwallo, girki, Kannywood, komai dai, algoridim, wato injin YouTube da yake zaɓar abin da za a nuna wa mutane, zai fara jefo ki ko'ina. Haka na yi a tawa kuma sati biyu tsakani wani bidiyona ya tashi sosai

Sadiq: Anti Maman Sultana na shiga tashar na duba yanzu. Kafin in ce komai kan kiwod bari in fara da abin da ƙawarki ta gani domin shi ne ya fi girma. Mutum in ya danna sunanki ya faɗo shafin tasha, abin da idonsa yake fara cin karo da shi kaɗan ne, hoton sama, suna, handul ɗin nan mai @, sai layi ɗaya na bayani da aka yanke aka sa `...more` a ƙarshensa. A naki babu inda kalmar ɗinki ta fito a cikin huɗun nan. Suna ya ce Empire, hoto ya ce furanni, layin bayani ya ce barka da zuwa da Turanci. To ta ina baƙo zai gane? Da can akwai shafin `About` daban a jerin shafukan tasha, a ƙarshen 2023 aka cire shi daga wurin, yanzu sai mutum ya danna `...more` ɗin nan kafin cikakken bayani ya buɗe, kuma mutane kaɗan ne suke dannawa. Shi ya sa jimlar farko ta bayaninki ita ce kusan duk abin da za a karanta, kin ga kuwa ɓata ta aka yi da gaisuwa.

Wajen bayanin yana ɗaukar haruffa har 1000 amma ba dole ki cika ba. Abin da nake so jimlar farko ta amsa shi ne me ake koyarwa, da wane yare, kuma don wa. Lambar waya da roƙon sabsikiraibin su koma can ƙasa.

Maman Sultana: Wallahi ban taɓa lura babu kalmar ɗinki ba sai da ka faɗa, yanzu na koma na duba. To misali me zan rubuta Malam Sadiq, ni rubutu ba fagena ba ne

Sadiq: Ga misali, ki gyara shi ya dace da abin da kike yi da gaske:

```
Koyon ɗinki da Hausa daga farko: awo, yanka da haɗa kayan mata.
Za ki ga ɗinkin atamfa, leshi, abaya, hijabi, doguwar riga da siket mataki-mataki, ko ba ki taɓa hawa keke ba.
Sabon darasi duk Asabar. Daga Zariya, Najeriya.
```

Ki lura kalmomi huɗun farko su kaɗai sun isa, ko wayar mutum ta yanke sauran ya riga ya gane. Sannan sunayen kayan da na jera ba haka kawai na jera su ba, na duba bidiyonki ne na ga abaya da hijabi da doguwar riga su suka fi yawa, leshi guda biyu ne kawai shi ya sa ma in kin ga dama ki cire shi. Kar ki rubuta abin da ba kya yi, in kin sa kaftanin maza alhali babu ko ɗaya a tashar, wanda ya shigo dominsa zai fita ne nan take. Maganar Asabar kuma in ba ki da tabbacin za ki iya riƙewa kar ki sa, gara ki ce sabon darasi duk sati ko ki bar shi gaba ɗaya.

A waya ma za ki iya canzawa, ki buɗe YouTube ki shiga tasharki ki danna alamar fensir, za ki ga `Description`. A kwamfuta kuma YouTube Studio ne, wato wajen da mai tasha yake sarrafa tasharsa, `Customization` sai `Profile`, in kin gama ki danna `Publish` in ba haka ba aikin banza ne.

Baffa Kaduna: Amma Sadiq ka tsallake maganata. Bayani mutum ne yake karantawa, kiwod kuma inji ne yake karantawa, ita matsalarta ai nema ce, ba ta fitowa a nema

Sadiq: Ban tsallake ba Baffa zuwa nake. Rabin maganarka gaskiya ne, wajen kiwod ɗin yana nan kuma a nata babu komai a ciki na tabbata, ya kamata ta cika. Inda muka rabu shi ne zuba ƙwallo da waƙa da Kannywood a tashar ɗinki. Na farko dai bayani ma inji yana karanta shi, rubutu ne, ba mutum kaɗai ba. Na biyu kuma a ce ma dabarar ta yi aiki aka nuna bidiyon yankan hannun riga ga saurayin da yake neman sakamakon wasan Arsenal, me zai yi? Zai wuce ne bai danna ba, ko ya danna ya fita cikin daƙiƙa biyar, kuma wannan wucewar da fitar su ake ƙirgawa a ga bidiyon bai gamsar ba. Banda haka YouTube suna da doka kan bayanan yaudara, sa kalmomin da ba su da alaƙa da abin da ke ciki don a ja mutane yana cikin abin da suka hana.

Bidiyonka da ya tashi wanne ne?

Baffa Kaduna: Wanda na yi kan yadda ake duba sakamakon JAMB a waya

Sadiq: Kuma yaushe ka ɗora shi

Baffa Kaduna: Lokacin da sakamako ya fito mana

Hajara Maraɗi: 😂😂 Baffa ashe ba kiwod ba ce, yara ne suka rikice suna nema

Baffa Kaduna: Ku dai ku yi dariya, ni dai na san kafin in cika wajen ba na samun haka. Ba zan cire ba

Abba Gyaran Waya: Ni tambayata wai ina ma wajen kiwod ɗin yake? Na juya manhajar Studio a wayata ciki da bai ban gan shi ba, sai tags, kalmomin nema da ake sa wa kowane bidiyo, kawai nake gani

Sadiq: Ba ya cikin manhajar waya Abba. Ka buɗe Chrome ka rubuta studio.youtube.com, in ya nemi ya jefa ka cikin manhaja ka ƙi, ka danna ɗigo ukun nan na sama ka zaɓi `Desktop site`. Rubutun zai yi ƙanana sai ka ja da yatsa. A ƙasa ta hagu akwai `Settings`, ka shiga `Channel`, sai `Basic info`, nan za ka ga `Country of residence` da `Keywords`. Kowace kalma ko gajeriyar jimla ka rubuta ka sa waƙafi ta zama ɗaya, duka-duka haruffa 500 yake ɗauka, ka gama ka danna `Save`. Ƙasar ma ku duba tun da kun shiga, na sha ganin tashoshin mutanenmu babu ƙasa ko kuma wanda ya buɗe musu ya zaɓi wata daban.

Amma kar kowa ya ɗora wa wajen nan buri. Su kansu YouTube sun faɗa a shafinsu na taimako cewa tags na bidiyo rawar da suke takawa wajen gano bidiyo kaɗan ce, sun fi amfani in kalmar da ake nema ana yawan rubuta ta ba daidai ba. Ni haka nake ɗaukar kiwod na tasha ma, aikin minti goma ne ka yi sau ɗaya ka manta, ba abin da za ka kwana kana canzawa duk sati ba.

Hajara Maraɗi: Wannan maganar rubutu ba daidai ba ita ce ta dame ni. Ni girki nake yi, kuma na lura wanda yake neman ƙosai ba zai tsaya neman ƙ mai lanƙwasa a kibod ba, kosai zai rubuta. Ɗanwake ma danwake ko dan wake a rabe. To ita Maman Sultana in ta rubuta ɗinki da ɗ mai ƙugiya, mai neman dinki zai same ta? Sannan mu a nan Nijar da yawa haoussa suke rubutawa irin na Faransanci, wasu ma couture za su sa ba ɗinki ba

Sadiq: Hajara kin taɓo wajen da kiwod yake da amfani na gaske gare mu. Ni ba na dogara da cewa inji zai haɗa ɗinki da dinki da kansa, ina sa duka biyun. A bayanin da mutane za su karanta ki rubuta Hausa mai kyau da ƙugiyoyinta, a kiwod kuma ki zuba yadda ake bugawa a waya. Na Anti zai iya zama haka:

```
koyon dinki, koyon ɗinki, dinki da hausa, yadda ake yanka riga, dinkin atamfa, dinkin abaya, dinkin hijabi, doguwar riga, tela, hausa sewing tutorial, couture haoussa, Maman Sultana
```

Wannan ko rabin 500 bai kai ba kuma ya isa. Sunan tashar na sa a ƙarshe saboda masu nemanta da suna. In akwai yadda ake yawan kuskuren rubuta sunan, Sultana da Sultanah misali, shi ma a ƙara.

Maman Sultana: To a bayanin ma in sa dinki marar ƙugiya?

Sadiq: Sau ɗaya ba laifi, a layin ƙasa. Abin da ba na so shi ne ki mayar da bayanin jerin kalmomi, dinki dinki dinkin mata dinkin zamani dinkin sallah har layi goma, mutum ya buɗe ya ga kamar an zubar da kwandon kalmomi. Wannan yana korar mai karatu kuma yana kama da abin da dokar ta hana.

Ummi Zee: Ni fa ban yarda da sa Hausa a farko ba gaskiya. In ta fara da Turanci ai duniya ce za ta same ta, Legas, Gana, har Amurka, kuma an ce masu kallon waje sun fi kawo kuɗin talla. Hausa ta takaita mutum

Hajara Maraɗi: Amma Ummi bidiyon da Hausa take magana fa. 'Yar Legas da ba ta jin Hausa ta shigo ta ji ana cewa ki ninka yadin gida huɗu ki sa alli a nan, minti nawa za ta yi?

Ummi Zee: Ɗinki ai da ido ake gani, ni nan na koyi yankan wuya daga wata 'yar Indiya ban ji ko kalma ɗaya ba

Sadiq: Kowacce tana da hujja a nan. Ummi gaskiya ne aikin hannu ana kallonsa ko ba a jin yare. Sai dai ki duba da wa za ta yi gogayya, in ta ce sewing tutorial kawai ta shiga layi ɗaya da dubban tashoshi manya na duniya, in ta ce koyon ɗinki da Hausa layin gajere ne kuma wadda ta rubuta hakan ita take nema daidai. Ni Hausa zan sa a sama, layi ɗaya na Turanci a ƙasa kamar `Sewing tutorials in Hausa for beginners`. Kuma akwai wata hanya da mutane ba sa amfani da ita, a ƙarƙashin wajen bayani a Studio akwai `Add language`, za ki zaɓi yaren asali sannan ki ƙara fassarar suna da bayani da Turanci ko Faransanci, wanda YouTube ɗinsa yake kan wannan yaren sai ya ga fassarar.

Abba Gyaran Waya: Nan fa akwai tarko Sadiq. Kusan duk wayar da take zuwa shagona da Turanci take, har ta tsohuwar da ba ta jin ko kam. Kenan in ta sa fassarar Turanci, 'yan Kano da Zariya ma Turancin za su gani ba Hausar ba

Sadiq: Wannan magana ce Abba, haka ne kuwa. To a Najeriya kam gara ta bar fassarar Turanci ta haɗa su a bayani ɗaya kamar yadda na fara cewa. Na Faransanci kuma Hajara ta fi ni sanin ko zai taimaka ko shi ma zai ɓoye Hausar ga 'yan Maraɗi da Damagaram

Hajara Maraɗi: Zai ɓoye mana, wayoyinmu da Faransanci suke. Sai dai in a cikin fassarar ta fara da Hausa sannan ta sa Faransanci a ƙasa. Ni dai ban gwada ba tukuna

Ummi Zee: Ni har yanzu Turanci zan sa a sama a tawa, mu ga wa zai riga wani

Maman Sultana: To hoton saman fa? Dubu biyar na biya aka yi min shi, a laftof ɗin mai zanen ya yi kyau sosai har da lambata da Instagram a gefe, amma a wayata rabin fuskata ce kawai da "ltana Emp"

Sadiq: Ya zana shi ne kamar fosta ya cika ko'ina, shi kuma hoton nan guda ɗaya ne ake yanka shi daban-daban. Talabijin tana nuna shi gaba ɗaya, kwamfuta tana nuna wani siririn tsiri mai faɗi a tsakiya, waya kuma ta ƙara datse gefe da gefen tsirin. Girman da ake so shi ne 2560 x 1440, mafi ƙanƙanta da za a karɓa 2048 x 1152, nauyi kar ya wuce 6MB. A cikin 2560 x 1440 ɗin nan wajen da kowa zai gani tsakiya ne kawai, kusan 1546 x 423. Ma'ana ki bar wajen fiksel 500 da ɗan ɗori ta sama, haka ta ƙasa, haka hagu da dama, duk rubutu ya zauna a cikin akwatin da ya rage. Ke tela ce kin san in aka yanka atamfa ba a duba inda zanen ya faɗa ba, sai furen ya tafi cikin kalmasa, to haka aka yi wa naki.

Ki ce masa ya mayar da komai cikin akwatin, ko ki yi da kanki a manhajar zane irin Canva ko PixelLab, ki sa girman da hannu. In kin zo ɗorawa a Studio ta `Banner image` zai nuna miki layuka da aka rubuta `Viewable on all devices`, duk abin da ya fita daga wannan layin ki ɗauka babu shi.

Malam Isuhu: Yauwa nan kam zan iya sa baki. Ko a tamu harkar mutum zai kawo rubutu layi takwas ya ce a sa a allo, mai wucewa a babur ba zai karanta ko ɗaya ba. Kalma kaɗan manya, kala mai duhu a kan mai haske. Kuma ku guji rubutun nan mai lanƙwashe-lanƙwashe na katin biki, kyau ne da shi amma ba ya karantuwa daga nesa. Wani abu kuma, ba kowane salon rubutu ne yake da ɗ da ƙ ba, sai ka buga ka ga akwati ya fito a wurin harafin ko harafin ya bambanta da 'yan uwansa, ki duba da kyau kafin ki ajiye

Sadiq: Malam Isuhu ya gama magana. A tsirin nan abu biyu zuwa uku ya isa. Babban rubutu KOYON ƊINKI DA HAUSA, ƙarami a ƙasa awo, yanka, haɗawa, sai hoto ɗaya da yake faɗar sana'ar, keke ko almakashi da tef a kan yadi. Sunan tashar ba sai kin maimaita a hoton ba tunda yana nan ƙasa da shi da manyan baƙi, ɓata wuri ne. Lamba da Instagram kuma akwai wajen `Links` a Profile, yana ɗaukar har 14, na farkon yana fitowa a ƙarƙashin bayani kuma ana iya danna shi, na jikin hoto kuwa babu mai iya dannawa.

Baffa Kaduna: Kuma kar ta manta ta canza sunan fayil ɗin hoton ya zama koyon-dinki.jpg kafin ta ɗora, yana taimakawa a nema. Sannan Google suna iya karanta rubutun cikin hoto ai, manhajarsu ta Lens ma tana yi, kenan kiwod ɗin bana shi ma yana ƙirguwa

Sadiq: Iyawa kam suna iya karantawa Baffa, ba na musu. Amma iyawa daban, a ce ana amfani da shi wajen jera sakamakon nema daban, ni ban taɓa ganin inda YouTube suka ce rubutun bana ko sunan fayil yana ɗaga tasha ba. Canza sunan fayil ba ya cutarwa, in kana so ka yi. Ni dai hoton mutum nake yi wa, duk kalmar da nake so inji ya gani sai na tabbata tana cikin rubutu na gaske, suna ko bayani ko taken bidiyo.

Baffa Kaduna: Ba su ce ba amma ba su ce a'a ba 😎

Abba Gyaran Waya: Ni nawa daban ne, tashata gyaran waya ce amma wani lokacin ina sa bidiyon yawo da kuma na wa'azin da nake yankowa, to me zan rubuta a layin farkon? In na ce gyaran waya na yi ƙarya, in na jera duka kuma ya yi yawa

Hajara Maraɗi: Abba matsalarka ba ta layin farko ba ce, tashar ce ba ta san me take ba. Ka buɗe wata ka kwashe sauran can

Abba Gyaran Waya: Na wa'azin ne fa suka fi kawo kallo shi ya sa nake jin nauyin cirewa

Sadiq: Wannan zance ne mai tsawo Abba mu ware masa lokaci, har da maganar ko kana da izinin masu bidiyon. Bari in ƙarasa wa Anti abu ɗaya da nake ganin zai fi duk wanda muka faɗa tasiri a nema, wato suna. In mutum ya rubuta koyon dinki ya tace da `Channels`, a abin da nake gani tashoshin da kalmar take cikin sunansu su suke yawan fitowa a gaba. Ba na cewa ki jefar da Maman Sultana, mutanenki da shi suka san ki, Empire ɗin ce ba ta aikin komai. Maman Sultana Ɗinki, ko Koyon Ɗinki da Maman Sultana. Handul kuma ki yi shi da baƙaƙen kibod na yau da kullum, irin @mamansultanadinki in ba a riga ki ba, haruffa 3 zuwa 30 yake ɗauka. Sai dai ki yi tunani kafin ki taɓa, sau biyu kawai ake barin mutum ya canza suna cikin kwana 14, handul ma haka, kuma in kin buga tsohon handul a kati ko a ledar shago sai kin bi kin gyara.

Maman Sultana: Kai, Empire ɗin nan maigida ne ya zaɓa fa 😅 kuma shi ne a jikin allon shagona da lebul ɗin da nake liƙa wa kaya. Sai na yi shawara. Amma in na gyara sauran ta yaya zan san ya yi aiki, kwana nawa zan jira?

Sadiq: Kafin ki canza komai ki shiga `Analytics` ki nemo inda ake nuna hanyoyin da masu kallo suke zuwa, ki danna `YouTube search`, zai jero miki ainihin kalmomin da aka rubuta aka same ki. Ki ɗauki sikirinshot na kwana 28 da suka wuce ki ajiye. Jerin nan ma shi zai gaya miki me za ki sa a bayani, in kin ga yankan abaya ne a sama to abaya ta matso gaba a jimlarki. Bayan wata ɗaya ki sake dubawa ki kwatanta. Kar ki gwada neman tashar da wayarki domin YouTube ya san ki, abin da kike yawan kallo zai kawo miki, ki karɓi wayar wadda ba ta taɓa kallonki ba ki nema a can. Gwajin hoto da layin farko kuma ya fi sauƙi, ki miƙa wa wata da ba ta san ki ba shafin tashar na ɗan lokaci kaɗan ki karɓe, ki tambaye ta me ake yi a nan.

Kuma in faɗa miki gaskiya yawancin masu nema bidiyo suke samu ba tasha ba, na ga takenki irin su Darasi na 12 da Sabon style, waɗannan su ma babu mai rubuta su a wajen nema. Yadda ake yanka abaya mai fuka-fuki shi ake rubutawa. In kin gyara bayani kin bar taken haka, lambobin nema ba za su motsa sosai ba, abin da zai canza shi ne wadda ta shigo shafin za ta gane inda ta zo.

Ummi Zee: Kuma sallah na matsowa, ko ba ta taɓa komai ba kallon ɗinki zai ƙaru, kar a zo a ce Hausar sama ce ta jawo

Sadiq: Haka ne, wannan zai rikita kwatancen. Sai ta fi duba kalmomin da aka nema, ba yawan kallo kawai ba

Maman Sultana: Na canza bayanin yanzu, na cire leshi na sa kayan yara tunda ina yi. Kiwod ɗin kuma na kai `Settings` amma madannin `Save` ya ɓuya ƙasan allo na kasa kai wa gare shi

Abba Gyaran Waya: Ki kwantar da wayar a kwance Anti, ko ki rage girman shafin da yatsu biyu zai fito. In ya ƙi ki bari sai kin samu laftof

Maman Sultana: Ya fito, na danna. Taken bidiyo arba'in ɗin nan kuma sai dare in yara sun kwanta. Malam Isuhu nawa za ka yi min hoton in na turo maka awon da Malam Sadiq ya bayar?

Malam Isuhu: Ki turo Hajiya mu gani, ki haɗo da hoton kekenki a wuri mai haske, kuɗi ma yi magana ta gefe